Fari huɗu a rubutu ɗaya: kundin aikina na tagwayen kalmomi

4 ga Janairu

Abin da ya jefa ni cikin wannan aiki layi ɗaya ne a wani tsohon littafin rubutu na marigayi mahaifina. Muna kwashe takardunsa daga akwatin ƙarfe sai na ci karo da shafin da ya rubuta: "Bana ba mu sami hatsi ba saboda fari." Babu shekara a shafin, babu ƙarin bayani. Na karanta a fili, na faɗe shi da ma'anar rashin ruwan sama. Ƙanena ya karɓa ya karanta, shi kuma bakinsa ya kama fari na jam'in fara, masu sauka a gona su cinye ganye. Muka kalli juna. Kowa ya karanta daidai, kuma takardar ba za ta raba mana gardama ba, don rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, wato hawa da saukar murya. Da a ajami ya rubuta, da alif ya cece mu, tunda ajami yana nuna dogon wasali ko da yake shi ma ba ya nuna kari.

Da na zauna na ƙirga, sai na ga fari ba biyu ba ne, huɗu ne: na launi, na rashin ruwa, na ƙwari, da na "tun fari". Shekara goma sha ɗaya ina koyar da Hausa, amma da aka ce in faɗi takamaimai inda huɗun nan suka bambanta, sai na tsaya ina inda-inda. Bakina ya san bambancin tun ina goye. Hannuna ne bai sani ba.

Niyyata ita ce in tara kalmomi 200 irin waɗannan a kati, kowane kati da rubutun yau da kullum a sama, sannan kowace ma'ana da karinta, da tsawon wasalinta, da jimla ɗaya ta misali, da sunan ƙamusun da ya tabbatar min. Na ba kaina wata biyu.

6 ga Janairu

Na sayo kati fakiti uku da biro ja da baƙi, naira 4,200 duka. Na tsayar da alamomin da zan bi. Dogon wasali zan ninka shi: aa, ii, uu. Karin ƙasa zan ɗora masa karan da ya kwanta hagu, kamar à. Karin faɗau, wanda yake farawa sama ya zubo ƙasa a gaɓa ɗaya, zan sa masa 'yar hula, kamar â. Karin sama ba zan sa masa komai ba, don ya fi yawa, kuma in aka yi wa kowace gaɓa alama ido yakan gaji.

Katin farko mai sauƙi ne: gàrii inda mutane suke zaune, da gàarii na tuwo. Kari ɗaya ne, ƙasa sannan sama, tsawon wasalin farko kawai ya raba su.

11 ga Janairu

Kati 23. Masu bambancin tsawo ba sa ba ni wahala, kunne yana kama su nan take: dukà da duukàa, dafàa abinci da daafàa bango, gashìi na nama da gaashìi na kai, fitòo na kwalekwale da fiitòo na baki.

15 ga Janairu

Yau na yaga kati tara. Matsalar kari ce, kuma ta ba ni kunya.

Abin da yake faruwa shi ne, in na ɗauki kalma ita kaɗai na yi ta maimaita ta don in ji karinta, a karo na biyar ko na shida sai ta narke a bakina. Wuya ta jiki da wuya ta wahala suka koma min abu ɗaya. Na rubuta wa kuka ta miya sama-sama, na rubuta wa kuka na hawaye sama-ƙasa, wato na juya su gaba ɗaya. Wani abokin aikina da ya karanci kimiyyar harshe ya leƙa katin, ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ka sa itace kuka, ka sa yaro ya yi 'ya'ya." Ya ce kuskurena biyu ne. Na farko, ina rikita ƙarfin murya da tashin murya, duk gaɓar da na danna da ƙarfi sai in ce sama ce. Na biyu, ina sauraron kalma tsirara, alhali akwai ma'aunin da yake cikin harshen kansa.

Ma'aunin kuwa ne da ce ne. Waɗannan 'yan kalmomi ba su da tsayayyen kari, kullum kishiyar gaɓar da ta gabace su suke ɗauka. In kalma ta ƙare da sama, sai su sauka. In ta ƙare da ƙasa, sai su hau. Ya ce in faɗi "wuya ne" ina shafa wuyana. Na faɗa, sai na ji ne ɗin ta ɗaga: wuyàa nee. Ya ce in faɗi "wuya ce" ta wahala. Ce ɗin ta faɗi ƙasa: wùyaa cèe. Ke nan ta jiki sama-ƙasa ce, ta wahala ƙasa-sama. Haka kuukaa nèe na hawaye, kuukàa cee ta miya. Abin mamaki, kunnena ya kasa jin karin kalmar kanta, amma hawa da saukar ne bai taɓa ɓoye min ba, wataƙila don a ƙarshen magana take, babu abin da ya biyo bayanta ya rufe ta.

Ma'aunin yana aiki a kan faɗau ma. Tunda faɗau a ƙasa yake ƙarewa, ne hawa take yi bayansa. "Kai ne" in mutum nake nunawa, kai nèe. In kan rago ne a faranti, kâi nee. Ga ribar ƙafa kuma: zaɓin ne ko ce yana nuna jinsi, kuma jinsi kaɗai yakan raba wasu tagwayen tun kafin a kai ga kari.

Iyakarsa ita ce gaɓar ƙarshe kawai yake faɗa maka. Ta farko sai ka rufe baki ka yi gunjin kalmar ta hanci, ba baƙi ba wasali, ka ji ko murya ta tashi ko ta sauka ko ta miƙe tsakanin gaɓoɓin. In ka riga ka san ta ƙarshe, wannan ya wadatar a kalma mai gaɓa biyu.

Da wannan na koma kan fari, na yi katinsa a natse:

farii nèe, launi, gajere, sama-sama
farìi nee, rashin ruwa, gajere, sama-ƙasa
fàarii nèe, ƙwari, dogo, ƙasa-sama
faarìi nee, farko, dogo, sama-ƙasa

Biyun da suka haɗa ni gardama da ƙanena sun bambanta ta kowace fuska, tsawo da kari duka. A baki babu mai rikita su ko cikin barci.

19 ga Janairu

Na sake bin duk katunan da ma'aunin ne da ce. Na gyara shida. Yanzu 41.

25 ga Janairu

Wuni guda a ɗakin karatu. Mota zuwa da dawowa da hoton shafuka, naira 5,000 da 'yan kai. Na jera ƙamus huɗu a tebur: na Bargery na 1934, na Abraham wanda ya fara fitowa a 1949, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, da na Paul Newman na 2007.

Awa ɗaya ta farko a banza ta tafi, kuma laifina ne. Na buɗe Abraham kai tsaye ban karanta gabatarwa ba. Shi dogon wasali da layi a sama yake nuna shi, karin ƙasa kuma da layi a ƙarƙashin wasali. Ni kuwa da na ga layukan ƙasa a wani tsohon kwafi mai dishi-dishi, sai na ɗauka wani ɗalibi ne ya bi da fensir yana ja wa kalmomi layi. Na kwafi kalma goma sha biyu babu kari ko ɗaya kafin in farga. Newman shi ma layin sama yake sa wa dogon wasali, amma karin ƙasa da karan hagu, faɗau da hula, sama babu alama, kusan irin nawa. A wasu littattafan nazari na jami'o'inmu kuma za ka ga an ninka wasali, an kuma yi wa karin sama alama da karan dama. Saboda haka wasalin da ba shi da alama ba abu ɗaya yake nufi a kowane littafi ba. Daga yau, duk ƙamusun da na ɗauka, zan fara neman kalmar da na riga na tabbatar da ita, kamar wuya ko kuka, in ga yadda ya yi mata alama, sannan in yarda da idona a kan sauran.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Na nemi fari na ƙwari a jerin kalmomin fari, ina jiran cikakken bayani, sai na tarar ba nan gidansa yake ba. Jam'i ne, don haka bayaninsa yana ƙarƙashin tilonsa, fàaraa. Da na je fara kuma sai wani gida uku ya buɗe: fàaraa ƙwaro, faaràa aiki, da faraa ta launi, wadda ita ma ba a nan take zaune ba, tana ƙarƙashin farii a matsayin ta mace. Haka aikatau. In ka gamu da sayi a jimla, sàyaa za ka nema. Ƙamus yana ajiye kalma ne a siga ɗaya, jimla kuma tana sauya mata riga.

To ga tsarin da na tsayar wa kaina. Kafin in taɓa ƙamus, zan tambayi jimlar: wannan suna ne ko aikatau? In suna ne, namiji ne, mace ce, ko jam'i? In jam'i ne ko siga ta mace, in mayar da ita asalinta. Sannan in faɗe ta da baki in rubuta hasashena na kari da tsawo. Sai a ƙarshe in buɗe littafi, in karanta duk kalmomin da suke da wannan rubutu daga na farko har na ƙarshe, ba in tsaya a na farko da ya yi kama da abin da nake so ba. Rubuta hasashe kafin dubawa yana da amfani ƙwarai, don in ka fara ganin alama, bakinka sai ya bi ta ko da kuskure ka karanta ta.

Na lura kuma ba duk tagwaye ne kari yake rabawa ba. Sâa na shanu da sâa riga iri ɗaya suke sak, faɗau da dogon wasali. Waɗannan jimla ce kawai take raba su. Na ware musu kati mai jan baki don kada in ɓata lokaci ina neman bambancin da babu shi.

28 ga Janairu

Jarrabawar gwaji a makaranta, ban taɓa kati ba sai biyu: mâi na girki da mài gida, suu na mutane da sûu na kifi.

2 ga Fabrairu

Wasalin ƙarshen kalma. Nan ne aikin ya fi ci min rai, kuma da na san haka yake da na ƙara wa kaina wata guda tun farko.

A tsakiyar kalma tsawo a bayyane yake. A ƙarshe kuwa, in ka yi shiru bayan kalma, dogo da gajere sukan kusanci juna har ka rasa na kamawa. Katin dama ne ya tona min asiri. Na rubuta daamaa ga hannun dama, na rubuta daamaa ga samun dama, na sa musu jan baki cewa iri ɗaya ne. Newman ya ce a'a: na hannu gajeren wasali ne a ƙarshe, daama, na samun sarari kuma dogo, daamaa. Na yi ta faɗi ina musu da littafi. Sai da na sa kalma a bayansu na ji. "Dama ce ta samu" wasalin yana miƙewa kafin ce. "Dama da hagu" kuwa a gutsure yake. Akwai wata alama kuma da abokin aikina ya nuna min: in ka tsaya cak a kan gajeren wasali, maƙogwaro yakan rufe kamar an datse numfashi, irin tsayawar da ake yi a tsakiyar sa'a. A kan dogon wasalin suna kuwa murya sulalewa take yi. Na ɗora yatsa a maƙogwaro na gwada, kuma haka ne.

Da na gane wannan sai wani tsari ya fito fili wanda ya rage min aiki. Yawancin sunaye na gama-gari da dogon wasali suke ƙarewa. In sunan ya koma bayanin wuri, sai wasalin ya gajarce, wani lokaci har kari ya sauya. Gidaa mai kyau, amma yana gida da gajere. Baayaa yana min ciwo, amma ya koma baaya. Ƙasaa ta noma, amma ya faɗi ƙasà. Cikìi na abinci, amma shiga ciki, gajere kuma sama-sama. Gaba har uku ne: gàbaa na jiki, gàba na ci gaba, da gàabaa ta ƙiyayya. Sunayen mutane da aka ɗauko daga kalmomin gama-gari su ma sukan gajarce. Mutum doogoo ne, amma in lakabinsa ne, Doogo ake kiransa. Bàaƙoo ya zo, amma sunan yanka Bàaƙo.

A wannan fanni na daina dogara da tsofaffin ƙamusun biyu. Wajen yawan kalmomi da ma'anoni na da, Bargery da Abraham rumbu ne da ba ya ƙarewa, kuma akwai kalmomin da a can kaɗai na same su. Amma tsawon wasalin ƙarshe ba a gama tantance shi ba a zamaninsu, sai masana da suka biyo baya suka daidaita shi. In suka saɓa da sababbi a kan wasalin ƙarshe, sababbin nake bi, bayan na gwada da bakina.

Na sake duba kati 70. Goma sha huɗu suna da kuskure a gaɓar ƙarshe.

5 ga Fabrairu

Ƙa'idoji biyu da suke kama min kuskure ba tare da ƙamus ba. Faɗau ba ya zama a kan gaɓa mai gajeren wasali a buɗe, sai mai dogon wasali ko tagwan wasali ko wadda baƙi ya rufe. Duk katin da na ga hula a kan gajeriyar buɗaɗɗiyar gaɓa, na san na yi ɓarna. Sannan e da o a buɗaɗɗiyar gaɓa a tsakiyar kalma kusan kullum dogaye ne, kamar geeroo da dookìi, ba sai na tsaya aunawa ba.

12 ga Fabrairu

Ƙanena ya sa min wata manhaja ta kyauta mai suna Praat a kwamfuta, wadda take zana hawa da saukar murya. Na ce to, yau kunne zai huta. Na ɗauki muryata ina faɗin kalmomin fari huɗu, kuma zanen ya fito yadda katin ya ce. Wasalin farko na fàarii ya kusa ninka na farìi a tsawo. Na ji daɗi.

Sai na yi gaggawa na ɗauki jimla sukutum: Bàlaa yaa tàfi kàasuwaa. Gaɓar ƙarshe, waa, karin sama ce, amma a zanen ta sauko can ƙasa, ta kusa daidai da Bà ta farko wadda take karin ƙasa. Na ce ko na'urar ce ta lalace, ko ni ne ban iya faɗin kasuwa ba. Na sake ɗauka sau uku, abu ɗaya. Da daddare na kira abokin aikina. Ya ce babu abin da ya lalace. A jimlar Hausa, duk karin saman da ya biyo bayan karin ƙasa ba ya komawa inda na baya ya tsaya, yakan ɗan rage. In jimla ta yi tsawo sai muryar ta yi ta gangarowa kamar mai sauka daga bene. Sama da ƙasa ba wurare ne tsayayyu ba, ana auna gaɓa ne da maƙwabciyarta. Su da waa na kàasuwaa sama ne don sun fi kàa da ta gabace su, ba don sun kai laa ta farko ba.

Saboda haka awo sai a gajeren zance iri ɗaya, kalma da ne ko ce kawai. Kuma kada a yi shi da sigar tambaya, don tambaya tana ɗaga ƙarshen zance ta ɓata awon. Na goge abin da na ɗauka na jimloli, wajen minti arba'in na aiki.

16 ga Fabrairu

Na fara zuba katunan a jadawalin kwamfuta, nan ma na sha kashi. Na rubuta gari a akwatin nema, bai kawo gàrii ba, bai kawo gàarii ba. Wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ya ɗaure min kai shi ne na rubuta gàrii da alamarta ma ya kawo wasu layuka ya bar wasu. Ashe à iri biyu ce a cikin na'ura ko da yake ido ɗaya yake gani. Akwai wadda take harafi guda, akwai wadda take a ce aka ɗora mata alama daban mai lamba U+0300. Waɗanda na buga da hannu iri ɗaya ne, waɗanda na kwafo daga wani wuri iri na biyu.

Magani mai arha: gurbi biyu. Na farko rubutun yau da kullum, babu alama babu ninki, shi ake nema da shi, shi ake jerawa da shi. Na biyu mai alama, na karatu kawai. Ƙugiyar ɓ, ɗ, ƙ kuwa tana nan a gurbin farko, don su haruffa ne masu zaman kansu, ba ado ba. Wanda ya zubar da ƙugiya ya ƙara wa kansa tagwayen da harshe bai haifa ba. Kashi ya riga ya ishe mu da kashìi na rabo da kaashii na bayan gida, ba sai an jefo ƙàshii a cikinsu ba.

23 ga Fabrairu

Kati 132. Yau kalma ɗaya ta cinye min yamma, kuma ba suna ba ce, ita ce 'yar kalmar nan "ya".

Wani maƙwabci ya yi hatsari da babur, ya tsira da ƙujewa. A saƙon waya wani ya rubuta "Allah ya kiyaye." Na tsaya ina kallo. In yaa ne, dogo da karin sama, labari ne: Allah ya riga ya kiyaye, godiya ake yi. In yà ne, gajere da karin ƙasa, addu'a ce ta gaba. Akwai ya na uku, gajere da karin sama, na cikin labari ko bayan an jaddada wani abu, kamar "shi ne ya tafi". Akwai na huɗu, yâa mai faɗau, na abin da ake sa ran zai faru, irin na "bar shi, ya dawo don kansa".

Ƙamus ba ya raba maka waɗannan a cikin jimla, iyakarsa ya jera maka su. Dabarar da na samu ita ce in mayar da mutum ɗaya jama'a, don a jam'i rubutu yana nuna bambancin da ya ɓoye a tilo. Yaa tafi ya zama sun tafi. Ya na labari ya zama suka tafi. Yà ya zama su tafi. Yâa ya zama sa tafi. Duk lokacin da ya ko ta ta rikita ni a rubutu, sai in ce, da mutane da yawa ne, me zan faɗa? Amsar tana zuwa kafin in gama tambayar. Na gwada wa 'yan ajina da jimla goma a allo, har waɗanda ba sa ɗaga hannu suka shiga.

Wannan kati na yi masa shafi guda cur. A ganina ya fi kati hamsin na sunaye amfani, don gari da gari da wuya su rikita mai karatu a cikin jimla, amma ya tana kowane layi.

1 ga Maris

Na je gaishe da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, na tafi da littafin. Da ma na yanke a raina cewa farin rashin ruwa ne, don kowa ya san na 1973 da na 1984, kuma shekarun mahaifina sun ratsa duka biyun. Ban karanta mata layin da baki ba, don duk yadda na faɗe shi na riga na ba ta amsa. Sai na ce, "Gwaggo, akwai shekarar da su Baba suka rasa hatsi, har ya rubuta. Ga sunan gonar a shafin da ke gabansa, ta bakin rafi. Me ya faru ne?"

Ta yi shiru tana murza carbi. Ta ce, "Kai ɗan nan, ina ka tono wannan? Ai fari ne." Da dogon wasali ta faɗa, ta fara ƙasa ta hau, ne ɗin ta sauka: fàarii nèe. Wata biyu da suka wuce da na ji na gane, amma da ban iya cewa ga abin da na ji ba. Ta ci gaba da cewa ruwa kam an samu a shekarar, gero ya yi kai, da yamma suka sauka, kafin hantsi gonar ta koma kara tsaye. Suka, ba ya ba. Ko a rubuce aka ba ni wannan jimla tata, jam'in ya isa ya raba gardamar. Mahaifina ne dai ya tsaya a "saboda fari" ya ajiye biro.

Ƙanena ya ci gardama. Na sa fensir a gefen shafin na rubuta fàarii, ban taɓa rubutun Baba ba.

A hanya na tuna ko kalmar baba katinta bai cika ba. Ina da bàaba na uba da baabà ta mace, na manta baabaa na rini.

4 ga Maris

Kati 151, wata biyu sun cika, saura 49. Kuɗin da na kashe zuwa yau ya kai naira 11,000 da ɗoriya, har da kati fakiti na huɗu.

Zango na gaba aikatau ne, kuma na san zai ja lokaci, don siga tana sauyawa da abin da ya biyo baya. Cikàa da cìka ne zan fara da su: wanda ya cika tulu da tulun da ya cika. Sai zubàa da zùba, sai raina mai fuska uku, rainàa mutum, ràinaa yaro, da râinaa ya ɓaci. Kowane katin aikatau zai ɗauki layi uku: siga in babu karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, siga kafin suna, siga kafin wakilin suna, tunda kaamàa shi dogo ne amma kaamà ɓarawo gajere. Ina kuma son in sami mutum ɗaya daga Sakkwato da ɗaya daga Damagaram in karanta musu jimlolin misali ba tare da nuna musu alama ba, don ƙamusun nan Hausar Kano suka fi bi, ni ma ita ce a bakina. Duk inda suka saɓa zan buɗe gurbi na uku. Ranar Asabar zan koma ɗakin karatu da kati goma sha bakwai da har yanzu ba su da shaidar ƙamus.